Ma'anar "harshen jiki" a haɗuwar farko, da inda iyakarsa take

Kwanan nan ana yawan jin "harshen jiki" a bakin matasa, musamman in ana maganar haɗuwar farko ta saurayi da budurwa. Abin da ake nufi shi ne saƙon da jiki ke bayarwa ba tare da an yi magana ba: inda ido ya kalla, yadda aka zauna, matsowa ko ja da baya, murmushi, wasa da yatsu. Mu ma mun san da shi tun da, shi ya sa muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Inda nake da ja shi ne yadda ake mai da shi kamar ƙamus, wai kowane motsi fassararsa ɗaya ce.

A watan Janairu ƙanena ya je zancensa na farko a Unguwar Rogo, nan Jos. Bayan isha'i aka fito musu da benci ƙofar gida. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta yi da ni." Hujjojinsa uku: ba ta kalle shi ba, ta rungume hannuwanta cikin hijabi har ya tafi, kuma tana ta dariya a inda babu abin dariya.

Na fara masa da ido, don shi ne ya fi ruɗar mutane. Yarinyar da ta tashi tana jin cewa zuba wa babba ko baƙo ido tsaurin ido ne, kuma ta karanta umarnin runtse ido a Suratun Nur tun tana Islamiyya, sunkuyar da kanta tarbiyya ce take nunawa. Ita ɗin ce kuma in ta je ganawar neman aiki a wani ofis a Abuja, mai yi mata tambayoyi zai iya ɗaukar wannan sunkuyawar a matsayin rashin ƙwarin gwiwa, ko ma rashin gaskiya. Wannan zargin yana damuna, domin bincike ya nuna kau da ido ba alamar ƙarya ba ce da za a dogara da ita. A 2006 masana halayyar ɗan Adam Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara bincike sama da 200, suka ga mutane na bambance gaskiya da ƙarya daidai ne a kusan kashi 54 cikin 100 kawai. Wanda ya yi canke zai samu 50.

Batun hannu kuwa, na tambaye shi me ya sa a jikinsa daren. Ya ce rigar sanyi da hula. To, wanda ya san hunturun Jos ba ya neman wani dalili.

Dariyar ce ke buƙatar nutsuwa. Masanin nan Robert Provine ya saurari mutane suna hira a wuraren taruwa, ya gano yawancin dariya ba bayan barkwanci take zuwa ba, kuma mutum ya fi yin ta kusan sau 30 a cikin mutane fiye da in yana shi kaɗai. Dariyar da ake yi a takure gajeriya ce, takan fito bayan an yi shiru ko an yi tambaya mai nauyi. Abin da take nunawa shi ne gaba na faɗuwa, amma ba ta faɗin dalili. Mai so gabanta na faɗuwa, wadda aka tilasta wa fitowa ma haka. Matsowa ma hakan ne: wataƙila sha'awar hirar ce, wataƙila janareton maƙwabta ne ya hana ta ji. Kada namiji ya ɗauki matsowa ko murmushi a matsayin izinin wuce gona da iri.

Abin da ya fi amfani shi ne lura da canji. Yaya take da sauran mutane, yaya kuma ta koma daga farkon hira zuwa ƙarshe? Da na binciki ƙanena, sai ga abubuwan da bai lissafa ba. Da farko amsarta "e" da "a'a" ce, daga baya ita ta tambaye shi aikinsa da 'yan gidansu. Da ƙanenta ya leƙo ya ce ana kira, ta ce ya ce tana zuwa, ta ƙara minti goma. Alamu biyu ko uku da suka nufi gefe ɗaya sun fi guda ɗaya nauyi, amma su ma zato suke bayarwa.

Na ce ya kira ta ya tambaya a fili ko tana so ya sake zuwa, kuma duk amsar da ta bayar ya karɓa. Ta ce ya zo ranar Juma'a. Ya je, kuma a ranar ma ba ta ɗaga ido ta kalle shi ba.