Mai shayarwa: lemu da ruwan sanyi ba sa ƙafar da nono

A wurin awon jarirai a Nima da Mamobi, kukan da muka fi ji shi ne "nonona ya ragu." Idan muka tambayi abin da uwa take ci, sai mu tarar an hana ta lemu, mangwaro, kuɓewa, ƙwai da ruwan sanyi, wai suna ƙafar da nono ko su tsinka shi. An bar ta da koko mai zafi safe da yamma. Iyayenmu mata, a yi haƙuri, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke rage nono.

Tsotso ne ke kawo nono. Duk lokacin da jariri ya kama ya tsotse, jiki na samun saƙon ya ƙara yi. Mu ɗauki mai jariri ɗan wata biyu da kaka ke ba shi ruwa saboda zafin Accra. Ruwan ya cika masa ciki, shan nonon da yake yi sau goma a yini da dare ya koma sau biyar, cikin 'yan kwanaki nono ya ja baya, sai a ɗora wa lemun da uwar ta sha laifi. Maganinsa a daina ba shi ruwan, a sa shi a nono sau 8 zuwa 12 dare da rana. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, yana kashe masa ƙishi har wata shida.

Ita uwar kuwa, a kullum tana fitar da nono kamar ledar ruwa ɗaya da rabi, kuma tana bukatar ƙarin kalori kusan 500. Wannan kamar ƙarin ci ɗaya ne a kan wanda ta saba: kwanon wake da shinkafa da ƙwai, ko soyayyar gyaɗa cikin tafi da ayaba biyu. Koko zalla yawancinsa ruwa ne, a haɗa shi da ƙosai. A miyar ayoyo ko kontomire a zuba kifi da wake, don ta mayar da jinin da ta zubar wajen haihuwa. Lemun da ake hana ta ma yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙara jini daga ganye, shayi kuwa yana tare shi, don haka a ba da tazara tsakaninsa da abinci.

Ruwa, mai sanyi ko mai ɗumi, ta ajiye kusa ta sha duk sa'ar da ta zauna shayarwa. Ɗura wa kai fiye da ƙishi ba ya ƙara nono. Idan fitsarinta ya yi ja, ta ƙara sha.

Jaririn da ke fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, nauyinsa kuma na hawa a katin awo, yana ƙoshi. Idan fitsarin ya ragu, ko nauyi ya tsaya, ku kawo shi asibiti mu duba yadda yake kama nono, kada ku jira ranar awo.