Yaushe magani ke daidaita a cikin jini?

Tambaya: Likita ya ɗora mahaifina a kan digoksin saboda ciwon zuciya, amma ya ce sai bayan mako guda za a auna jininsa. Me ya sa ba za a auna tun yanzu ba?

Amsa: Dalilin shi ne lokacin da jiki ke ɗauka kafin yawan maganin da ke cikin jini ya ragu da rabi, wanda ake rubutawa t½. Idan ana shan magani a kai a kai, sabon yana tarar da ragowar na baya, sai ya riƙa taruwa. Amma gwargwadon taruwarsa, gwargwadon yawan abin da jiki ke fitarwa, har a kai matakin da abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita.

A ɗauka ana ba da miligiram 100 na wani magani duk bayan t½ ɗaya. Kafin na biyu saura 50, sai ya zama 150. Kafin na uku saura 75, sai ya zama 175. Daga nan 187.5, yana ta kusantar 200 ba tare da ya wuce ba. Wato bayan t½ ɗaya an kai kashi 50 cikin ɗari na matakin daidaito, sai 75, sai 87.5, sai kusan 94, sannan kusan 97 a na biyar. Ga mai lafiyar ƙoda t½ na digoksin kimanin awa 36 ne, kuma 36 sau 5 awa 180 ke nan, kwana bakwai da rabi. Gwajin da aka yi a rana ta biyu zai nuna adadi ƙasa da inda maganin zai tsaya, kuma duk wanda ya ƙara magani bisa wannan sakamakon ya jefa majinyaci cikin haɗari.

Tambaya: To idan aka ninka abin da yake sha, ba zai fi saurin daidaita ba?

Amsa: A'a. Ninkawa tana ɗaga matakin da maganin zai tsaya ne, amma kwanakin suna nan yadda suke. Idan ana gaggawa, likita kan fara da babban kaso sau ɗaya ko a rarrabe, sannan ya koma ƙaramin kaso na kullum.

Tambaya: Kowa mako guda ne?

Amsa: Ba kowa ba, kuma nan ne na fi so ku kula. Ƙoda ce ke fitar da mafi yawan digoksin, don haka idan ta yi rauni, kamar yadda ake yawan gani ga tsofaffi, t½ na iya kaiwa kwana huɗu, taruwar kuma ta ci gaba har kusan mako uku. Rashin cin abinci, tashin zuciya, amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya ko rikicewar bugun zuciya alamu ne na cewa maganin ya yi yawa, kuma ya kamata a koma asibiti nan take. Ranar gwaji kuma a bari aƙalla awa shida su wuce bayan shan maganin kafin a ɗebi jini.