Ma'anar babbake bayan siteki a kasko, da yadda ma'auni ke nuna ya gasu

Siteki yanki ne na tsokar naman shanu mai kauri, wanda ake yankawa a gicciyen zaren naman, a dafa shi cikin 'yan mintoci ba tare da ruwa ko miya ba. Girkin Turawa ne da Amurkawa, amma yanzu ya shigo manyan gidajen abinci na Abuja da Kano da Yamai, inda mai hidima zai tsaya a kanka ya tambaya, "Yallaɓai, reya ko midiyam ko wel-don?" Tambayar tana nufin iya zafin da kake so tsakiyar naman ta kai. Shi kuwa ɓawon nan mai launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi da ke bayan naman, aikin kasko ne mai tsananin zafi, kuma shi ake nufi da babbake bayan nama. Ayyuka biyu ne daban a yanki ɗaya: baya yana son wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, ciki yana son zafi kaɗan da ya ratsa a hankali. Duk wahalar siteki a nan take.

Idan bayan nama ya wuce digiri 140 a ma'aunin Salshiyos, sinadaran furotin da ɗan sukarin da ke cikin tsoka sukan haɗu su haifar da launi da ƙamshi sababbi. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Matsalar ita ce ruwa ba ya wuce digiri 100. Muddin akwai danshi a bayan naman, zafin kaskon zai ƙare ne wajen mayar da ruwan tururi, naman kuma ya tsaya yana dahuwa cikin romonsa, ya fito toka-toka babu ƙamshi. Don haka ake so kasko ya kai wajen digiri 200 zuwa 230, kuma a tsane naman sarai kafin ya taɓa shi.

Za ka ji ana cewa babbakewar tana toshe ƙofofin nama ne don kada romo ya fita. Wannan magana tsohuwa ce, ana danganta ta ga Bajamushe Justus von Liebig tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma ba gaskiya ba ce. Ƙarar "cuuu" da kake ji har ƙarshen girkin ruwa ne ke fita yana ƙafewa. Ɓawon don ɗanɗano ake yin sa. Abin da ke sa nama ya riƙe romo ko ya bushe shi ne zafin da tsakiyarsa ta kai.

Mu ɗauki yanki ɗaya mu bi shi. A ce ka samu tantaƙwashi ko tsokar gadon baya, giram 300, kaurin santimita 3, wato kusan faɗin yatsu biyu. Ka tsaya a kan mahauci ya yanka maka da kauri, domin hannunsu ya saba da yankan tsire. Yanki mai kaurin santimita 1 kafin bayansa ya yi launi cikinsa ya riga ya gasu ya wuce, ba abin da ya rage a auna. Ka barbaɗa gishiri wajen rabin ƙaramin cokali a duk ɓangarorin, ko dai minti 45 kafin girki ko kuma daidai lokacin da za ka saka a kasko. Tsakanin waɗannan lokutan biyu gishirin ya jawo ruwa waje bai kai ga komawa ciki ba, za ka iske naman jiƙe sharkaf. Sai ka sa tsumma mai tsabta ko takardar kicin ka tsane shi.

Kasko mai nauyi ake so, na baƙin ƙarfe in akwai. Na alminiyam mara kauri yana hucewa da zarar sanyin nama ya sauka a kansa, mai rufin hana kamu kuma ba a yi shi don irin wannan wuta ba, rufinsa yana lalacewa idan ya zarce digiri 260. Ka ɗora shi a wuta babu komai kamar minti 5, sannan ka zuba man gyaɗa babban cokali ɗaya. Da ka ga man ya tsinke yana sheƙi, hayaƙi siriri ya fara tashi, ka shimfiɗa naman kana kai shi gaba don kada mai ya fantsamo maka. Bota tana ƙonewa a wannan zafi, in kana son ta sai a ƙarshe bayan an rage wuta. Soyayyen man shanu ya fi ta juriya. Buɗe taga ma, hayaƙi za a yi.

Ka bar shi minti 2 zuwa 3. Da farko zai manne, idan ɓawo ya haɗu shi da kansa zai saki kaskon. Ka juya, ka ba ɗaya gefen kamar haka. Wasu sun fi son juyawa duk bayan rabin minti, kuma hakan yana sa zafi ya ratsa daidai, don haka maganar "sau ɗaya tak ake juyawa" ba doka ba ce. Abin da bai kamata ba shi ne cika kasko da yanka uku ko huɗu. Idan ƙarar ta sauya daga mai kaifi ta koma ɓararraka, ka ga ruwa ya taru a gefe, kaskon ya huce ke nan.

Bayan minti 5 ko 6 bayan naman ya yi kyau, amma wannan bai gaya maka komai game da ciki ba. Kamar ƙosai ne a man da ya yi zafi da yawa, waje ja wur, ciki ɗanyen ƙullu. A nan ma'aunin zafi na girki yake shigowa, irin mai tsinken ƙarfe da ke nuna lamba cikin 'yan daƙiƙu. Ka ɗaga naman, ka soka tsinken ta gefe, a kwance, har bakinsa ya kai tsakiyar wurin da ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi ko kitse. Ka ɗan tura ka ɗan janyo, lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce ta gaskiya. In ka soka daga sama, da sauƙi tsinken ya zarce kusa da kasko ya ba ka lambar ƙarya.

Ga abin da sunayen nan suke nufi. Reya wajen digiri 50 zuwa 52 ne, ciki ja kuma taushi. Midiyam-reya 54 zuwa 57, wanda masu girkin siteki suka fi yabo. Midiyam 60 zuwa 63, tsakiya ruwan hoda. Daga 71 zuwa sama wel-don ne, babu sauran ja. Dalilin da 'yan digiri kaɗan suke sauya nama haka shi ne zaren tsoka yana tsukewa idan ya ji zafi, kuma daga wajen 65 zuwa sama matsewar tana tsananta, romo ya fita, naman ya yi tauri. Jan ruwan da ke fita a faranti kuwa, wanda yake sa mutane da yawa a wajenmu ƙyama, ba jini ba ne. Jini ya tafi tun wurin yanka. Ruwa ne haɗe da wani furotin na tsoka mai suna mayogilobin, shi ke ba nama launin ja, zafi kuma yake mayar da shi toka-toka.

A misalinmu, a ce muna neman 63, ma'auni ya nuna 47. Kada ka ci gaba da wuta mai ƙarfi, ɓawon zai ƙone ya yi ɗaci, kuma za ka samu zobe mai kauri na busasshen nama a ƙarƙashinsa. Ka rage wuta sosai, yanzu ne lokacin jefa bota da dakakkiyar tafarnuwa in kana so, kana ɗibar man da cokali kana kwarara masa. Ka riƙa aunawa duk bayan minti ɗaya, don a wannan gaɓa lambar tana hawa da sauri. Idan ta kai 58 ko 59 ka sauke. Zafin da ke bayan naman zai ci gaba da shiga ciki a kan faranti, ya ƙara digiri 3 zuwa 5. Ka bar shi minti 5, ka sake aunawa. Wanda ya jira sai ya ga 63 a kasko, a faranti 67 zai ci. In kuma ka auna ka ga ya tsaya a 60, mayar da shi kasko na minti ɗaya ba laifi ba ne, ɗanye yana gyaruwa, wanda ya wuce ne ba ya dawowa.

Na zaɓi 63 ne da dalili. Hukumar aikin gona ta Amurka ta sa digiri 63 da hutun minti 3 a matsayin mafi ƙarancin zafi ga yankakkiyar tsokar shanu, niƙaƙƙen nama kuma 71. Hujjar masu cin midiyam-reya ita ce ƙwayoyin cuta a bayan tsoka suke, kuma kasko ya kashe su. Wannan gaskiya ne idan tsokar ba a huda ta ba. Da zarar an niƙa, ko an soke ta da tsinke ko wuƙa don ta yi laushi, an tura abin da ke waje ciki. Sannan akwai tsila, wadda 'ya'yanta ke zama cikin tsokar saniya kanta, inda babbakewa ba ta kaiwa. Naman da ya wuni a teburin kasuwa, wanda ba ka da tabbacin likitan dabbobi ya duba shi, a ganina bai kamata a ci shi ƙasa da 63 ba, ko da gidajen abinci na Turai suna ba da shi a 55. Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya kuwa gara a kai musu 71.

Akwai dabarar danna nama da yatsa a kwatanta da tsokar tafin hannu. Wanda ke gasa yanka iri ɗaya kullum tana yi masa aiki, amma ga mai yi jefi-jefi caca ce, musamman da shanunmu irin Bunaji da Bokolo da ke tafiyar kiwo, tsokarsu ba kitse sosai kuma tana da ƙarfi tun tana ɗanya. Naman da aka yanka da safen nan ma ya fi tauri, kwana biyu ko uku a firji mai tsayayyen sanyi yana sassauta shi. Shi ma ma'aunin yakan yi kuskure. Ka cika kofi da ƙanƙara da ɗan ruwa, ka tsoma tsinken, ya kamata ya nuna 0. In ya nuna 3, to duk lambar da zai ba ka a nama ka cire 3 kafin ka sauke kasko.