Yaro yana jin harshen gida amma ba ya mayarwa: tambayoyi da amsoshi

Muna zaune a ƙasar waje. 'Yata mai shekara huɗu tana jin duk abin da na faɗa da Hausa, amma da yaren makaranta take amsa mini. Da waɗanne kalmomi zan fara?

Ki ɗauki yini guda kina sauraron abin da ke fita daga bakinki. Za ki tarar yawancinsa umarni ne: zo nan, zauna, bari, sa takalminki. Umarni kuwa da jiki ake amsa shi, ba sai an buɗe baki ba. Shi ya sa kunnenta ya saba, harshenta bai motsa ba.

Abin da take buƙata shi ne maganganun da ita ce za ta faɗe su don biyan buƙatarta: "ina so", "ba na so", "ƙara mini", "na ƙoshi", "taimaka mini", "ina yake?". Biyar ko shida sun isa a farko. Ki ɗaura kowacce a kan lokacin da yake maimaita kansa kullum, kamar cin abinci, wanka ko shirin barci.

Ga misali a wurin cin abinci. Ta miƙo kofi. Kada ki ce "kina son ruwa?", domin gyaɗa kai ya wadatar da ita. Ki ce "ruwa kike so ko madara?", sai ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci. Amsar tana cikin tambayar, ɗauka kawai za ta yi. In ta ce "ruwa", ki zuba nan take, ki ce "to, ga ruwa". Bayan kwanaki, idan kalmar ta zauna, ki ja ta zuwa "ina son ruwa", daga baya "ƙara mini ruwa". Shirun nan shi ne ya fi wuya ga iyaye, domin mukan cike wa yaro magana tun kafin ya lalubo ta.

In ta amsa da yaren waje, in yi kamar ban ji ba?

Elizabeth Lanza, wadda ta yi nazarin yara masu tasowa da Turanci da yaren Norway, ta nuna cewa martanin iyaye hawa-hawa ne: daga nuna kamar ba a fahimta ba, zuwa yin hasashe da tambaya, zuwa maimaita maganar yaron da harshen gida, zuwa wucewa kawai, har zuwa bin yaron cikin ɗaya yaren. Biyun ƙarshe su ne ke koya wa yaro cewa ba lallai ne ya yi ƙoƙari ba.

Ni dai na fi son na tsakiya. 'Yar shekara huɗu ta san kina jin yaren, tana ganin kina yinsa da maƙwabta. Ki mayar mata da maganarta da Hausa cikin tambaya: "takalminki kike nema? Ce: ina takalmina?" Sau ɗaya ya isa. Idan tana kuka, ko ta gaji, ko tana ba ki labarin abin da ya ɓata mata rai, ki saurare ta da kowane yare. Darasi ya jira wani lokacin.

Bidiyon yara zai iya yin aikin?

Ba shi kaɗai ba. A binciken Patricia Kuhl da abokan aikinta na 2003, jarirai 'yan wata tara a Amurka da suka zauna da masu jin Sinanci ido da ido sun iya bambance sautukan harshen, waɗanda suka kalli bidiyo kuwa ba su iya ba. Manyan yara sukan tsinci kalmomi a allo, amma allo ba ya jiran amsa. Ki kalla tare da ita, ki tsayar, ki tambaye ta.

Yaya zan gane ta koya, ba haddacewa kawai ta yi ba?

Ki lura ko tana sauya wani ɓangare na jimlar da kanta. Wadda ta iya "ina son ruwa", rannan sai ta ce "ina son ƙwallo" ba tare da an gaya mata ba, ta kama ginin maganar.

Akwai kuma kuskuren da ke nuna inda giɓin yake. Idan tana cewa "kina so" alhali kanta take nufi, to abin da ake faɗa mata take kwaikwayo, ba ta cika jin wani yana magana a kan kansa ba. Maganinsa ku manya ku riƙa yi a gabanta. Ki ce wa babanta "ina son ruwa", shi kuma ya miƙo ya ce "ni na ƙoshi". Haka ma in tana ce wa yayanta "ki zo": ki bari ta riƙa jin kina cewa "kai ka zo, ke ki zauna" kina nuna kowa da hannu.