Ƙuli-ƙuli: furotin, mai da kabohaidiret da ke cikin ƙwara ɗaya

Ƙuli-ƙuli abin taunawa ne da ake yi da tunkuza, wato abin da ya rage bayan an soya gujiya (gyaɗa), an markaɗa ta, an matse wani kaso na man da ke cikinta. Ana mulmula tunkuzar dunƙule-dunƙule ko zobe ko sanda, a soya a cikin man da ta fitar har ta bushe ta yi ƙarfi. A Yamai da Tawa ana cinsa haka nan, ana dakawa a kwaɗa zogala da shi, ana zuba garinsa a yajin tsire, wasu kuma su jiƙa shi da garin rogo da sukari. Manyan sinadaran abincin da ke cikinsa uku ne: furotin mai gina jiki, mai, da kabohaidiret, wanda ya haɗa sitaci da sukari da zaren da hanji ba ya narkarwa. Babu adadi guda da ya dace da kowace ƙwara, domin abu biyu ne ke yanke hukunci: yawan man da aka matse, da nauyin ƙwarar kanta.

Abin da gujiya ke ɗauke da shi kafin matsa

Kusan rabin nauyin gujiya mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin. A kilo ɗaya na soyayyar gujiya da aka mirje aka fece jan ɓawonta, ana samun kimanin giram 490 na mai, giram 250 na furotin, da giram 210 na kabohaidiret, wanda wajen giram 85 daga cikinsa zare ne. Ragowar giram 50 ɗin ruwa ne da ma'adinai, kusan rabi da rabi. Giram 100 na irin wannan gujiya na ba da kalori kusan 590. Irin da aka shuka da yanayin damina na ɗan motsa waɗannan adadi, amma ba da yawa ba, don haka ana iya dogara da su wajen lissafi ko gujiyar daga Maradi ta zo ko daga Doso ko daga kudancin jahar Tawa.

Abin da matsa ke cirewa mai ne kaɗai. Lokacin da mai aikin ke yayyafa ruwan zafi a kan markaɗen tana tuƙawa, furotin da sitaci na shan ruwan su haɗe su yi dunƙule, man kuma ya rabu ya taso. Furotin da kabohaidiret ba sa bin man, suna nan cikin tunkuza. Ruwan da aka zuba kuwa suya ce ke kore shi. Saboda haka giram 250 na furotin da aka fara da su suna nan a ƙarshe, sai dai yanzu sun taru a cikin nauyin da ya ragu. Wannan ne dalilin da ya sa ƙuli-ƙuli ya fi gujiya furotin idan an auna su nauyi ɗaya. Ba a ƙara masa kome ba, an rage masa mai ne.

Lissafin kilo ɗaya

A ɗauka an fara da kilo ɗaya na soyayyar gujiya, an matse giram 300 na mai, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na lita. Bayan suya ƙuli-ƙulin ya huce, aka ɗora shi a sikeli ya ba da giram 700. A cikin waɗannan giram 700 akwai furotin 250, kabohaidiret 210, da mai 190, wanda shi ne abin da ya rage daga 490. Idan aka mayar da lissafin kan giram 100, furotin ya zama 35.7, mai 27.1, kabohaidiret 30.

Idan kowace ƙwara na da nauyin giram 10, kilon gujiyar ya ba da ƙwara 70, kuma ƙwara ɗaya na ɗauke da giram 3.6 na furotin, giram 2.7 na mai, da giram 3 na kabohaidiret, wanda giram 1.2 daga ciki zare ne. Giram ɗaya na furotin ko kabohaidiret na ba da kalori 4, na mai kuwa 9, sai ƙwarar ta tashi a kalori 51. Masu lissafa zare daban, a kan kalori 2 kowane giram, za su samu 48. Ko da bayan matsar, kusan rabin kalorin daga mai yake fitowa, abin da masu ɗaukar ƙuli-ƙuli a matsayin busasshen abu marar maiƙo kan manta.

Hanya mafi sauƙi ga mai sana'a ita ce auna dukan ƙuli-ƙulin da kilo ɗaya ya ba da. Duk abin da ba mai ba ne a cikin kilon nauyinsa giram 510 ne, kuma ba ya canzawa. Abin da ya haura 510 mai ne, ko na asali ne ko wanda aka sha a kasko.

```
mai = N - 510
furotin a ƙwara = 250 × n ÷ N
mai a ƙwara = (N - 510) × n ÷ N
```

A nan N shi ne nauyin dukan ƙuli-ƙulin da aka samu daga kilo ɗaya, n kuma nauyin ƙwara ɗaya, duka da giram. Amfanin wannan hanya shi ne ta kauce wa rikicin suya. A kasko tunkuza na iya sakin ƙarin mai, tana kuma iya sha, musamman idan man bai yi zafi sosai ba ko an jefa ƙwarori da yawa lokaci guda har zafin ya faɗi. Wanda ya dogara da man da ya tara a kwano lokacin matsa kaɗai ba zai ga wannan shige da fice ba. Sikelin ƙarshe kuwa ya haɗa duka.

Yadda ƙarfin matsa ke sauya adadin

Idan hannu ya yi ƙarfi, ko an yi amfani da injin matsa, har ƙuli-ƙulin ya tashi a giram 620, man da ya rage giram 110 ne. Ƙwara mai giram 10 za ta ƙunshi furotin 4, mai 1.8, kabohaidiret 3.4, kalori 46. Irin wannan shi ne mai tauri da ke ƙara a haƙori, kuma shi ya fi dakuwa ya zama gari ba tare da ya cure a turmi ba, shi ya sa masu yaji suka fi son sa. Idan kuwa matsar ba ta yi nisa ba, aka samu giram 800, ƙwarar na da furotin 3.1, mai 3.6, kabohaidiret 2.6, kalori 56. Wannan yana da taushi, yana marmashewa a yatsa, kuma idan aka ajiye shi a kan takarda zai bar tabon mai cikin ɗan lokaci.

Daga mafi bushewa zuwa mafi maiƙo mai ya ninka, furotin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma kalori bai motsa ba sai da 10. Girman ƙwara ya fi duk wannan tasiri. Ƙaramin dunƙule mai giram 5 da doguwar sanda mai giram 25 duka ƙwara ɗaya ake kiransu, alhali ta biyun ta ninka ta farkon sau biyar a kome. Duk adadin da aka ba da a kan ƙwara ba tare da faɗin nauyinta ba, ba shi da amfani. Tun da da hannu ake mulmulawa, ba a auna ƙwara ɗaya a dogara da ita. A ɗebi 20 daga wurare daban-daban na tire, a auna su tare, a raba da 20.

Inda lissafi ke karkacewa

Kuskure na farko shi ne ɗaukar lita a matsayin kilo. Man gujiya ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya kimanin giram 910 ce. Man da aka matse yanzu-yanzu kuma yakan zo da ruwa da gurɓin tunkuza, sai ya kwanta ko an dafa shi kafin a san ainihin nauyinsa.

Na biyu shi ne ƙari. Wasu na zuba sukari, wasu kuma garin masara ko na rogo don ya yi auki. Idan aka zuba giram 100 na garin rogo a tunkuzar misalin farko, nauyi ya koma kusan giram 800, kabohaidiret ya hau, furotin ya sauka daga 3.6 zuwa wajen 3.1 a ƙwara mai giram 10, domin rogo kusan ba shi da furotin. A irin wannan hali dole a haɗa nauyin ƙarin a kan 510 ɗin nan, in ba haka ba lissafi zai ƙirga gari a matsayin mai. Gishiri da barkono da citta ba su kai su canza manyan sinadaran ba.

Na uku laima ce. Lissafin ya ginu a kan ƙuli-ƙulin da ya soyu har ciki. Wanda aka tsame da wuri, cikinsa na da danshi, ko wanda ya kwana a buɗe cikin watan Agusta, ya fi nauyi saboda ruwa, sai a ƙirga ruwan a matsayin mai. Alamarsa ita ce yana lanƙwasawa maimakon ya karye ƙas. Shi ne kuma ke saurin yin fumfuna.

Ko a ɗakin gwaji akwai tarko. Ba a auna furotin kai tsaye, sinadarin nitirojin da ke cikinsa ake aunawa ta hanyar gwajin da ake kira Kjeldahl sannan a ninka da wani adadi. Ga yawancin abinci 6.25 ake amfani da shi, amma na gujiya 5.46 ne. Ƙuli-ƙulin da ke da kashi 35.7 cikin 100 zai bayyana kamar yana da kusan 41 idan aka ninka da 6.25. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa takardun gwaji biyu su saɓa a kan samfur iri ɗaya, kuma mai son buga adadin a jikin leda ya kamata ya tambayi wanne aka yi amfani da shi.

Matsayinsa a abincin yini

Ƙwara biyu masu giram 10 na ba da furotin giram 7, sun ɗan haura ƙwan kaza ɗaya mai wajen giram 6. Baligi mai kilo 60 na buƙatar kimanin giram 50 na furotin a yini, bisa ma'aunin giram 0.83 ga kowane kilo na jiki. Ƙwara 14 za su cika wannan adadi, amma tare da su za a ci mai giram 38 da kalori sama da 700. Ingancin furotin ɗin ma bai kai na ƙwai ko nono ba, domin gujiya na da ƙarancin lisin da metiyonin, wato biyu daga cikin tubalan da ke haɗa furotin, suyar da ta wuce kima har ƙuli-ƙulin ya yi duhu kuma na ƙara lalata lisin ɗin. Gero ma na da ƙarancin lisin, don haka wake ko nono ne ke cike wannan giɓi.

Man da ya rage yawancinsa marar daskarewa ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai mai daskarewa. Irin wannan mai iska da zafi na lalata shi, shi ya sa ƙuli-ƙuli mai maiƙo ya fi saurin yin wari da maƙaƙi a maƙogwaro, musamman in an soya shi da man da aka maimaita sau da yawa. Gubar afalatoksin, da ke fitowa daga gujiyar da ta yi fumfuna, ba ta bayyana a lissafin furotin ko mai, suya ba ta kawar da ita, kuma mafi yawanta a tunkuza take zama maimakon ta bi man. Maganinta tun kafin suya ne: a tsince ƙwayoyin da suka yamutse, suka huje ko suka sauya launi, a zubar.