Kaɗa Wutsiya Ba Alkawari Ba Ne Cewa Kare Ba Zai Yi Cizo Ba

Sau da yawa idan aka kawo mana yaron da kare ya ciza, maganar da iyaye ke fara yi ita ce: "Wallahi wutsiya yake kaɗawa, shi ya sa yaron ya je kusa." Gaskiya suka faɗa, amma fassarar ce ba daidai ba. Kare yana kaɗa wutsiya ne idan wani abu ya motsa masa zuciya. Abin na iya zama murna, yana iya zama tsoro, yana kuma iya zama shirin faɗa.

Wutsiya hanyar isar da saƙo ce. Shi ya sa da wuya ka ga kare yana kaɗa ta idan shi kaɗai ne, kuma kwikwiyo sabon haihuwa ba ya yi, sai ya yi 'yan makonni ya fara wasa da 'yan'uwansa. Akwai kuma wasu ƙananan jakunkuna biyu a gefen duburar kare masu fitar da warin da sauran karnuka ke gane shi da shi. Wanda ya ɗaga wutsiya yana baza warinsa ne, yana shelar cewa ga shi nan. Wanda ya cusa ta tsakanin ƙafafu kuwa rufe warin yake yi, don ba ya so a kula shi.

Abu biyu za ka duba: tsayin da wutsiyar take, da laushinta. Idan tana daidai da gadon baya ko ƙasa kaɗan, tana lilo da faɗi har ƙugu na rausaya tare da ita, baki a sake, wannan maraba ce. Idan ta miƙe sama ta sandare, ƙarshenta kawai ke karkarwa da sauri, to karen a ɗane yake. Wannan ita ce kaɗawar da ta fi yaudarar mutane.

Ɗauki misalin karyar da ke shayar da 'ya'yanta. Yaro ya nufo su. Sai ta miƙe tsaye, ta jefa nauyinta kan ƙafafun gaba, kunnuwa suka tsaya, baki ya rufe ƙam, ta kafe yaron da ido. Wutsiya na sama tana rawa, gashin bayanta ya tashi. Yaro bai ga komai ba sai wutsiyar. Ba lallai ta yi gurnani ko haushi ba, wasu karnukan shiru suke yi kafin su kai hari. Abin da babba zai yi a nan shi ne ya ce wa yaron ya tsaya cak, ba gudu ba ihu, hannuwa a jikinsa, ya kawar da ido daga nata, sannan ya ja da baya a hankali. Gudu yana tayar wa kare da sha'awar bi.

Mai cusa wutsiya ma ba abin rainawa ba ne. Za ka ga ya ƙanƙance, kunnuwa sun kwanta, yana lasar leɓe, wani lokaci yana ɗan kaɗa ta ƙasa-ƙasa. Tsoro yake ji, yana neman a ƙyale shi. Idan a ɗaure yake ko an ritsa shi a lungu, ba shi da mafita sai haƙori.

Har ɓangaren da wutsiyar ta karkata yana da ma'ana. Masu bincike a Italiya sun nuna a 2007 cewa takan fi karkata zuwa daman kare idan ya ga mai shi, zuwa hagu kuma idan ya ga baƙon kare mai ban tsoro. Abin sha'awa ne, amma a ganina ba abin dogaro ba ne ga mutumin da ke tsaye gaban kare, ido ba ya kama wannan bambanci cikin sauƙi. Haka nan wani karen wutsiyarsa a naɗe take tun halitta, wani kuma an guntule masa ita. A irin waɗannan, kunne da ido da tsayuwar jiki su za ka karanta.

Duk wannan a kan lafiyayyen kare ne. Mai ciwon hauka ba ya bin ƙa'ida, yana iya cizo ba tare da wani gargaɗi ba. Don haka idan cizo ko yakushi ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare, ko da raunin ƙarami ne, ko da kuwa karen na gida ne.