Dokar kasilin a wasan ches: yaushe aka yarda, yaushe aka hana

Kasilin shi ne motsi ɗaya tilo a ches da ake ɗaga 'ya'ya biyu a yi guda: sarki da hasumiya, wato ɗan da ke zaune a kusurwar allo. Sarki zai matsa gida biyu ya nufi hasumiya, ita kuma ta tsallake shi ta zauna a gefensa. Kowane gida a allo yana da suna na harafi da lamba. Idan mai farare ya yi ta gajeren ɓangare, sarki ya bar e1 ya koma g1, hasumiya ta bar h1 ta dawo f1, a rubuta O-O. Ta dogon ɓangare kuwa sarki c1 zai tafi, hasumiyar a1 ta zo d1, a rubuta O-O-O.

Hanin kashi biyu ne. Akwai na har abada: da zarar sarki ya motsa, ko da ya koma gidansa, babu sauran kasilin a wannan wasan. Hasumiyar da ta taɓa motsawa ita ma ta fita, amma ana iya yi da 'yar'uwarta.

Ɗaya hanin na ɗan lokaci ne. Dole gidajen da ke tsakanin sarki da hasumiya su zama babu kowa. Sannan ba a yi idan sarki yana cikin cek, wato ana kai masa hari, ko gidan da zai ratsa ko wanda zai sauka yana ƙarƙashin harin abokin karawa. Cek ɗin da ya riga ya wuce ba ya hana komai, muddin karewa aka yi ko cinye maharin, sarki bai gusa ba.

Inda aka fi yin gardama shi ne batun hari, domin sarki kaɗai ya shafa. A ce bishof ɗin baƙaƙe, wato ɗan da ke tafiya a karkace, yana a6, hanya a buɗe har f1. Mai farare ba zai yi O-O ba, tunda ta f1 sarki zai bi. To a mayar da bishof ɗin f5, yana hango b1. Nan O-O-O ya halatta, saboda hasumiya ce kawai ke ratsa b1, sarki iyakarsa d1 da c1. Haka ma idan hasumiyar kanta ake hari, ana iya kasilin da ita. Wannan ya taɓa rikita har shahararren ɗan wasa Viktor Korchnoi, wanda a karawarsa da Anatoly Karpov a Mosko a 1974 sai da ya tashi ya tambayi alƙalin wasa ko zai iya kasilin alhali ana harin hasumiyarsa. Aka ce masa zai iya, ya yi, ya kuma ci wasan.

A gasa, dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, ta ɗauki kasilin a matsayin motsin sarki. Saboda haka sarki ake fara ɗauka, sannan hasumiya, da hannu ɗaya. Wanda ya fara taɓa hasumiya da gangan, ita zai motsa, kuma damar kasilin da ita ta tafi ke nan.